Idon Mai Gadi a Wasan Bidiyo: Lissafin da Ke Sa Ya Gan Ka Ko Ka Wuce Shi

A shekarar 1998 kamfanin Konami na ƙasar Japan ya fitar da wasan Metal Gear Solid a kan na'urar PlayStation. Duk wanda ya taɓa buga shi zai tuna wata 'yar taswira da ke saman allo ta hannun dama. A cikinta kowane mai gadi ɗigo ne, kuma daga gaban ɗigon akwai wani fili mai siffar mazurari, tsukakke a wajen ido, buɗaɗɗe can nesa. Muddin ɗan wasa bai taka cikin wannan fili ba, yana iya bin bayan mai gadi har ya kusa shafa rigarsa, mai gadi bai sani ba. Da ya sa ƙafa a ciki kuwa, sai ƙararrawa, sai kora. A wannan shekarar dai kamfanin Pyro Studios na ƙasar Sifen ya fitar da Commandos: Behind Enemy Lines, inda ake iya ganin filin ganin sojan abokan gaba shimfiɗe a ƙasa, yana kai-komo dama da hagu yayin da sojan ke waige-waige.

Abin da mai buga wasa bai cika tunawa ba shi ne mai gadin nan ba shi da ido. Kwamfutar da ke tafiyar da shi ta san inda kowa yake a kowane lokaci, domin ita ce ke ajiye lambobin matsayin kowa. Idan aka bar ta yadda take, mai gadi zai san inda kake ko kana bayan katanga, ko kana ƙarshen taswira. Saboda haka aikin mai rubuta manhajar wasa shi ne ya toshe wannan sani, ya bar wa mai gadi 'yar ƙofa ɗaya da labarin ɗan wasa zai shigo ta cikinta. A wasan Metal Gear na farko, na 1987, ƙofar layi ce miƙaƙƙe: sai kana daidai saitin fuskar mai gadi yake ganin ka. Daga baya aka buɗa ta ta zama mazurari. Lissafin da ake yawan amfani da shi a yau wajen gina wannan mazurari gajere ne ƙwarai, ninkawa biyu ko uku da tarawa, kuma ɗalibin da ya yi lissafin sakandare zai iya bin sa da biro da takarda.

Kibiya biyu

Mu ɗauki filin wasa kamar farfajiyar da aka shata da ma'auni. Kowane wuri a cikinta yana da lamba biyu: ta farko tana faɗin mita nawa aka yi gabas daga wani lungu da aka zaɓa, ta biyu tana faɗin mita nawa aka yi arewa. Mai gadinmu yana tsaye a (2, 3), wato mita biyu gabas, mita uku arewa. Ɗan wasa ya laɓe a (6, 6).

Tambayar farko: daga inda mai gadi yake, ta ina ɗan wasa yake, kuma nisansa nawa? Ana samun amsa ta hanyar ɗebe matsayin mai gadi daga matsayin ɗan wasa, lamba da lamba. Shida a cire biyu saura huɗu, shida a cire uku saura uku. Amsa ita ce (4, 3). Waɗannan lambobi biyu ba wuri suke nunawa ba. Tafiya suke faɗi: yi mita huɗu gabas, yi mita uku arewa, za ka tarar da shi. Irin wannan abu mai ɗauke da shiyya da tsawo a lokaci guda shi masana lissafi ke kira bekta, kuma a takarda kibiya ake zanawa a madadinsa, gindinta a wajen mai gadi, tsininta a wajen ɗan wasa.

Tsawon kibiyar yana fitowa daga ƙa'idar Pythagoras. Huɗu sau huɗu 16, uku sau uku 9, jimla 25, kuma lambar da za a ninka da kanta ta ba da 25 ita ce 5. Wannan uku, huɗu, biyar ɗin ce magina ke awo da ita in suna so kusurwar ɗaki ta fita daidai. Ke nan tsakanin mai gadi da ɗan wasa mita biyar ne.

Kibiya ta biyu ita ce ta inda mai gadi ya dosa da fuskarsa. Wannan ba ruwanta da nisa, shiyya kawai take faɗi, don haka ana ba ta tsawon ɗaya cif. Idan gabas yake kallo, kibiyarsa (1, 0) ce. Idan arewa ne, (0, 1). Idan yamma ne, (−1, 0).

Yanzu muna da kibiya biyu da suka tashi daga wuri guda: ɗaya ta nufi inda yake kallo, ɗaya ta nufi inda ɗan wasa yake. Duk maganar gani ta koma tambaya ɗaya: yaya buɗewar da ke tsakaninsu take? In sun kusa haɗewa, ɗan wasa yana gaban idonsa. In sun wage, yana gefe. In sun ba wa juna baya, yana bayansa.

Kafin a gwada su, sai an mai da kibiyar farko ita ma mai tsawon ɗaya, domin a raba maganar shiyya da maganar nisa. Ana yin haka ne ta raba kowace lamba da tsawon kibiyar. Huɗu a raba biyar 0.8, uku a raba biyar 0.6. Sabuwar kibiya ita ce (0.8, 0.6). Shiyyarta ba ta canza ba, gajarta kawai ta yi. A riƙe wannan mataki da kyau, domin mafi yawan ɓarnar da za mu gani nan gaba daga tsallake shi take tasowa.

Ninkin ɗigo

Hanyar gwada kibiyoyin biyu ana kiranta ninkin ɗigo, saboda ɗigo ake sawa tsakaninsu wajen rubutu. Salon rubutun ya bazu ne daga darussan Josiah Willard Gibbs na Jami'ar Yale, waɗanda ɗalibinsa Edwin Bidwell Wilson ya mayar littafi a 1901, tun ba a yi mafarkin wasan bidiyo ba. Ƙa'idar ita ce a ninka lambar farko da ta farko, ta biyu da ta biyu, sannan a tara:

```
a · b = ax*bx + ay*by
```

A misalinmu, ɗaya sau 0.8 ya ba da 0.8, sifili sau 0.6 ya ba da sifili, jimla 0.8.

Mece ce ma'anar wannan 0.8? A ce mai gadi ya bar inda yake kallo, ya yi tafiyar mita ɗaya zuwa wajen ɗan wasa. A cikin wannan mita guda, nawa ne ya ci gaba ta shiyyar da fuskarsa ke kallo tun farko? Amsa ita ce santimita tamanin. Da ɗan wasa yana daidai saitin hancinsa, da duk mitar gaba ta tafi, amsa ta zama 1. Da yana daidai kafaɗarsa ta dama ko ta hagu, da tafiyar duk gefe ce, ba ko taku ɗaya gaba, amsa sifili. Da yana bayan ƙeyarsa, da baya aka yi mita guda cur, amsa −1. Saboda haka muddin kibiyoyin biyu masu tsawon ɗaya ne, amsar ba ta wuce 1, ba ta gaza −1, kuma ita kaɗai ta isa ta faɗi yadda ɗan wasa ya karkace daga gaban mai gadi.

Wanda ya yi lissafin kusurwa a makaranta zai gane lambar nan: kosain ɗin kusurwar da ke tsakanin kibiyoyin ce. Kosain na digiri sifili 1 ne, na digiri 90 sifili ne, na digiri 180 kuma −1. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne an samu labarin kusurwa ba tare da an auna wata kusurwa ba. Ba a nemi ma'aunin digiri ba, ba a damu da ina ne gabas ina ne arewa ba. An ninka, an tara, shi ke nan.

Saura a yanke hukunci. A ce mai tsara wasan yana son mazurarin ganin mai gadi ya buɗe digiri 90. Wannan na nufin digiri 45 ta dama, digiri 45 ta hagu, domin kibiyar fuska tsakiyar mazurarin take bi. Don haka iyakar da za a gwada da ita ita ce kosain na rabin buɗewar, wato na digiri 45, wanda ya kama kusan 0.707. Duk lokacin da ninkin ɗigo ya kai 0.707 ko ya haura, ɗan wasa yana ciki. In ya gaza, yana waje. Namu 0.8 ne, ya haura. Kusurwar ta kama kusan digiri 37, kuma an ga ɗan wasa.

Bari ya ɗan matsa zuwa (5, 7). Tazara ta koma (3, 4). Nisa yana nan mita biyar, bai ƙaru ba bai ragu ba, amma gajeruwar kibiyar ta zama (0.6, 0.8), kuma ninkinta da (1, 0) ya ba da 0.6. Bai kai 0.707 ba. Ɗan wasa ya karkata kusan digiri 53, ya fita daga mazurari da 'yan digiri takwas, ya tsira. Idan ya zagaya ya koma (−2, 6), tazara (−4, 3) ce, amsa −0.8. Alamar cirewa kaɗai ta isa ta nuna cewa yana baya.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan lambar farko ce kawai ake ta ɗaukowa. Haka ne, amma don mai gadi yana kallon gabas sak ne. Bari ya ji motsi ya juya, fuskarsa ta koma (0.6, 0.8), tsakanin arewa da gabas. Ga ɗan wasan da ke (5, 7), lissafi ya zama 0.6 sau 0.6, wato 0.36, a haɗa da 0.8 sau 0.8, wato 0.64. Jimla 1 cif: sun yi ido huɗu. Ga wanda ke (6, 6) kuwa, 0.6 sau 0.8 da 0.8 sau 0.6 sun ba da 0.48 sau biyu, wato 0.96, kusan digiri 16. Ƙa'ida ɗaya ce ke aiki ko ta ina mai gadi ya juya, kuma in wasan mai tsawo da faɗi da zurfi ne, lamba ta uku kawai ake ƙarawa a ninka a tara.

Akwai abu ɗaya game da iyakar da ke yaudarar masu farawa. Lambar ba ta sauka daidai wa daida da kusurwa. Mutum zai zaci tunda 1 gaba ne, sifili kuma gefe, to 0.5 zai zama tsakiya, digiri 45. A'a, 0.5 digiri 60 ne. Haka kuma 0.9, da ake ganin kamar daf da saitin hanci, ya riga ya kai kusan digiri 26 kowane ɓangare. Kusa da tsakiya lambar tana sauka a hankali, can gefe kuma tana gangarawa da sauri. Shi ya sa bai kamata a riƙa cankar iyaka da ka ba. A faɗi digirin da ake so, a bar kwamfuta ta fitar da kosain ɗinsa sau ɗaya tun farkon wasa, a ajiye.

Ga yadda abin yake a Godot, manhajar gina wasanni da ake saukewa kyauta:

```gdscript
var iyaka = cos(deg_to_rad(45))
var nisa = 10.0

func yana_gani(dan_wasa):
    var gaba = Vector2.RIGHT.rotated(global_rotation)
    var tazara = dan_wasa.global_position - global_position
    if tazara.length_squared() > nisa * nisa:
        return false
    return gaba.dot(tazara.normalized()) >= iyaka
```

Layin `tazara` shi ne ɗebewar da muka yi, `normalized()` shi ne mayar da kibiya tsawon ɗaya, `dot` kuma ninkin ɗigo. An sa wa ganin iyakar nisa ta 10, da ma'aunin da filin wasan ke amfani da shi, kuma an gwada 25 da 100 maimakon 5 da 10, domin amsar ɗaya ce amma an huta da neman tushen lamba. A Unity aikin `Vector3.Dot` ne, tsarin bai bambanta ba.

Inda abin ke lalacewa

Waɗannan kurakurai ba sa sa wasa ya tsaya ko ya nuna jan rubutu. Wasa yana tafiya lafiya lau, sai dai mai gadi ya riƙa yin abin da hankali bai ɗauka ba. Kowane kuskure yana da tasa alama, kuma wanda ya san alamomin zai gane ciwon tun kafin ya buɗe rubutun manhaja.

Babba a cikinsu shi ne mantawa da gajarta kibiya. A ɗauki ɗan wasan nan da ya tsira a (5, 7). In aka ninka (3, 4) kai tsaye da (1, 0), amsa 3 ce, ta fi 0.707 nesa ba kusa ba, sai a kama shi alhali yana waje. Wanda ke can gefe, mita ɗaya gaba mita tara arewa, ya karkata kusan digiri 84, amma amsarsa 1 ce, shi ma an gan shi. Sannan a dubi wanda ya zo ya tsaya rabin mita daidai gaban hancin mai gadi: tazararsa (0.5, 0), amsa 0.5, ba ta kai iyaka ba, ba a gan shi ba. Mazurari ya ɓace ke nan, abin da ya rage shi ne wani layi a gicciye santimita saba'in gaban mai gadi, duk wanda ya ƙetare shi an gan shi, duk wanda bai ƙetare ba ya ɓuya. Idan mai gadinka yana hango na nesa a gefe amma ya makance ga wanda ke numfashi a fuskarsa, kada ka nemi dalili a wani wuri. Kuma kibiyar fuska ita ma tana iya kamuwa da wannan ciwo, musamman in an samo ta daga gudun mai gadi: yana sauri ganinsa ya faɗaɗa, yana tsayawa cik kibiyar ta zama sifili, ya daina ganin kowa.

Na biyu shi ne sa dukan buɗewar a madadin rabinta. Mutum yana son digiri 90, sai ya nemi kosain na 90, ya sami sifili. Sakamako shi ne mai gadi yana ganin duk abin da ke gabansa daga kafaɗa zuwa kafaɗa, digiri 180, ninki biyu na abin da aka nufa.

Na uku ya fi su wayo. Yawancin harsunan manhaja ba da digiri suke auna kusurwa ba, da wani ma'auni ne da ake kira radiyan, wanda guda ɗayansa ya ɗan haura digiri 57. Wanda ya rubuta `cos(45)` ba tare da ya juya digirin ba zai sami 0.525 maimakon 0.707. Mazurarin da aka nufa da digiri 90 zai buɗe kusan 117, kuma tunda bambancin ba mai tsanani ba ne, ana iya daɗewa ana buga wasan ana cewa masu gadin sun cika sa ido, ba a san kuskure ba ne. Ranar da aka canza lambar zuwa `cos(60)` asiri zai tonu, domin amsa za ta faɗo −0.952, mai gadi ya koma gani kusan ta ko'ina, sai wani ɗan siririn wuri a bayan ƙeya. In ƙaramin sauyi a lamba ya jawo babban sauyi marar kan gado a wasa, radiyan ake zargi.

Juya ɗebewa, wato cire matsayin ɗan wasa daga na mai gadi, shi ba ya ɓoyuwa: kibiya ta juya, mai gadi ya koma gani ta baya. Akwai kuma masu mayar da amsar ninkin zuwa digiri da `acos` kafin su gwada. Yana aiki, amma wahala ce a banza, kuma tana da tarko. Kwamfuta ba ta riƙe lambobi masu ɗigo cif-cif, wani lokaci abin da ya kamata ya zama 1 yakan fito 1.0000001, kuma a harsuna da dama `acos` ba ta da amsa ga abin da ya haura 1. Sai ya zama a daidai lokacin da ɗan wasa ya tsaya a saitin ido ne gwajin ke rushewa.

Wasanni masu zurfi suna da nasu tarkon da ya shafi tsayi. Sau da yawa matsayin ɗan wasa a ƙafarsa ake ajiye shi, shi kuwa gani daga idon mai gadi ake auna shi, a ce mita 1.7 daga ƙasa. To ɗan wasa ya tsaya mita ɗaya a gabansa. Kibiya daga ido zuwa ƙafa za ta yi mita ɗaya gaba, mita 1.7 ƙasa, tsawonta kusan 1.97. A raba ɗaya da wannan, amsa kusan 0.51 ce, ƙasa da iyaka. Mutum yana tsaye ƙiri-ƙiri a gabansa, lissafi ya ce ba ya nan, saboda ƙafarsa ta faɗa ƙarƙashin mazurari. Magani shi ne a auna zuwa ƙirji ko kai, ko kuma a share lambar tsayi daga kibiyoyin biyu kafin a gajarta su, sannan a yi wa sama da ƙasa gwaji na daban. Hanya ta biyu ta fi ba mai tsarawa iko, domin tana barin sa ya ce masu gadi suna gani da faɗi amma ba su cika ɗaga kai ba, kuma wannan ne ke ba ɗan wasa damar bi ta kan rufi ko ta saman katanga.

Abin da ninkin ɗigo bai sani ba

Ninkin ɗigo bai san katanga ba. Ɗan wasa yana iya kasancewa cikin mazurari, cikin nisa, amma akwai bango ko tulin akwatuna a tsakani. Don haka akwai gwaji na uku: a harba wani layi marar ganuwa daga idon mai gadi zuwa jikin ɗan wasa, a tambayi sashen da ke kula da karon abubuwa me layin ya fara ci karo da shi. In bango ne, ba a gani ba. Wannan gwaji ya fi sauran tsada nesa, domin sai an bincika kayan da ke cikin filin, shi ya sa ake barin sa ƙarshe. Wasan da ke sabunta hoto sau sittin a daƙiƙa, da masu gadi hamsin a fili, zai yi wannan tambaya sau dubu uku kowace daƙiƙa in ba a rage ba. Nisa yana zubar da mafi yawansu, ninkin ɗigo ya zubar da waɗanda suka ba da baya, layi kuma a harba wa 'yan kaɗan da suka rage. Kuma layi ɗaya bai cika isa ba. In ƙirji kawai aka nufa, wanda kansa ya leƙo sarai daga bayan akwati zai zama a ɓoye, saboda haka akan harba zuwa wurare da dama a jiki, kamar kai da ƙirji da kafaɗu, a ga nawa suka isa.

Bai kuma san dama da hagu ba. Tazarar (4, 3) da ta (4, −3) duk 0.8 suke bayarwa. In ana so mai gadi ya waiga ɓangaren da ya ga motsi, sai a sake yin ninkin da wata kibiya mai nuna hannun damansa: amsa ta haura sifili, dama ne, ta gaza, hagu ne.

Akwai kuma matsalar siffar kanta, kuma a ganina nan ne aikin ya tashi daga lissafi ya koma adalci ga mai buga wasa. Mazurari mai digiri 90 faɗinsa mita biyu ne a mita ɗaya gaban mai gadi, amma in da zai kai mita goma gaba da wannan buɗewar, faɗinsa mita ashirin ne. Ganin ɗan Adam ba haka yake ba. Idanunmu biyu suna ɗaukar kusan digiri 200 daga gefe zuwa gefe, wanda ya tsaya daf da kafaɗarka za ka ji shi a wutsiyar ido, amma abin da ke nesa sai ka dube shi sosai kake tantance shi. Mazurari ɗaya yana yin akasin haka: yana barin mutum ya tsaya a gefen mai gadi kamar abokinsa, sannan ya kama wani can nesa a gefen fili. Mai wasa zai ga na farko wauta ne, na biyu kuma zalunci.

Wasan Thief: The Dark Project, wanda kamfanin Looking Glass na Amurka ya fitar shi ma a 1998, ya bi hanyar ɗora wa mai gadi ɗaya mazurari da dama, kowanne da nasa faɗi da nisa da ƙarfin lura, sannan aka haɗa da yawan hasken da ke kan ɗan wasa. Commandos kuwa ya raba nasa gida biyu: a kusa ana ganin ka ko kana rarrafe, a nesa kuma in ka kwanta ka ja ciki za ka wuce. Da lissafinmu wannan ba wuya. An riga an sami nisa da amsar ninki, sai kawai a gwada su da iyakoki biyu. A ce cikin mita uku iyaka ta zama sifili, mai gadi ya lura da duk abin da ke gabansa kafaɗa zuwa kafaɗa, daga mita uku zuwa goma kuma ta zama 0.866, wato digiri 30 kowane gefe.

Bakin mazurari ma yana buƙatar kulawa. Ɗan wasan da ke tafiya daidai kan iyaka zai sa amsa ta riƙa yawo tsakanin 0.70 da 0.71, mai gadi ya riƙa gani yana mantawa sau da yawa a daƙiƙa ɗaya, jikinsa yana karkarwa a allo. Ana magance wannan da iyaka biyu: kafin ya fara ganin ka sai amsa ta haura 0.707, amma da zarar ya gan ka ba zai sake ka ba sai ta faɗi ƙasa da 0.643, wato ka karkata digiri 50. Wasanni da yawa ma ba sa yanke hukunci nan take. Suna ajiye wata lambar zargi da ke cika a hankali, kuma amsar ninkin ɗigo ce ke iya faɗin saurin cikarta: wanda ke 0.98 zai cika ta cikin ƙiftawar ido, wanda ke 0.72 kuma zai sami daƙiƙa ɗaya ko biyu ya koma inuwa, mai gadi ya tsaya, ya leƙa, ya ci gaba da sintirinsa.

Duk wanda ke gina irin wannan, tun ranar farko ya sa manhaja ta zana masa gefuna biyu na mazurarin a allo, ta hanyar juya kibiyar fuska da rabin buɗewar dama da hagu, sannan ta rubuta amsar ninkin a saman kan mai gadi. Sai ya ɗauki ɗan wasa ya zagaya mai gadin a hankali, sau ɗaya a kusa, sau ɗaya a nesa. Lambar ta zama 1 a gaba, sifili a kafaɗa, −1 a baya, kuma kada ta canza in an matso ko an ja da baya a kan layi ɗaya. In ta haura 1, ba a gajarta kibiya ba. In tana daidai amma ana kama ɗan wasa a wajen layin da aka zana, iyakar ce ke da matsala, sai a duba rabin kusurwa da radiyan.